Fitilar Kan Hanya: Kowa Na Gani, Wa Zai Biya?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Gusau da dare, ya ratsa ta Mairuwa da sauran garuruwan wannan yanki, ya san bambancin wurin da ke da haske da wurin da ke cikin duhu. A 'yan shekarun nan an kakkafa fitilu masu aiki da hasken rana a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa. Wasu gwamnati ce ta kafa, wasu 'yan siyasa, wasu kuwa jama'ar gari ne suka yi karo-karo. Amma ku lura, bayan shekara biyu ko uku sai ka tarar da sandar tana nan tsaye, fitilar ta mutu, ba wanda ya gyara. Ra'ayina shi ne, ba talauci kaɗai ke kashe waɗannan fitilu ba. Abin da ke kashe su shi ne mun bar gyaransu ga ganin dama, alhali kuwa abu irin wannan ba ya tsayawa sai da kuɗin da aka ɗora wa kowa, aka kuma nuna wa kowa inda ya tafi.

Bari mu fara da abin da ya raba fitila da sauran kayan jam'iyyar gama kai. In jam'iyya ta sayo taki, wanda bai biya ba ba a ba shi buhu. In ta sayi injin niƙa, wanda bai biya ba ba a yi masa niƙa. Fitila kuwa halinta biyu. Na ɗaya, ba ka iya hana wani hasken. Ba yadda za a yi ka ce wa maƙwabcinka ya rufe ido in ya zo wucewa domin bai ba da nasa ba. Na biyu, ganin da wani ya yi bai rage naka ba. Ko mutum ɗaya ya bi hanyar, ko mutum ɗari, hasken bai ragu ba. A nan ta bambanta har da ruwan madatsar Mairuwa, gama ruwan da mai lambu ya ja da inji ya fita daga rabon wani. Masana tattalin arziki suna kiran abin da ke da waɗannan halaye biyu kayan amfanin kowa. Wani Ba'amurke mai suna Paul Samuelson ne ya tsara bayaninsa a shekarar 1954.

To, ina wahalar take? Ga misali, lissafin kuwa nawa ne domin mu gane, in kun tashi yin naku sai ku tambayi farashi a kasuwar Funtua. A ce unguwa tana da gida 60 da fitila 6. Faifan da ke karɓar hasken rana yakan yi shekara ashirin ko fiye, amma baturi ba haka yake ba. Irin na dā mai nauyi yakan gaji cikin shekara biyu zuwa uku, sabon irin mara nauyi yakan ɗan fi daɗewa, ya kuma fi tsada. A ce sauya baturan nan shida duk shekara uku zai ci kuɗin buhun masara 9. Watau buhu 3 ke nan kowace shekara. In muka ƙirga tiya 40 a buhu, tiya 120 ke nan. A raba wa gida 60, kowane gida tiya 2 a shekara. Wannan ba abin da zai gagari manomi ba ne a lokacin kaka.

Yanzu ku shiga zuciyar maigida ɗaya. Yana cewa, "In na riƙe tiyata biyu, abin da aka tara ya ragu da kashi ɗaya cikin sittin kawai. Fitila ba za ta mutu saboda ni ba, ni kuwa zan ci gaba da gani." Lissafinsa daidai ne, kuma nan ne matsalar take, domin lissafin nan daidai yake ga kowane gida cikin sittin ɗin. In gida 20 suka yi wannan tunani, sauran 40 sai su ba da tiya uku-uku. Shekara mai zuwa wasu goma su ce ba za su yi ta ɗaukar wa wasu kaya ba, saura gida 30, tiya huɗu-huɗu. In suka koma 20, tiya shida-shida. Daga nan sai mai biyayya ma ya ga an mai da shi wawa, ya janye hannu. Kowa yana son fitila, kowa ya san ta fi tiya biyu amfani, duk da haka unguwa ta koma duhu. Wannan shi ne matsalar ɗan cin bulus, wanda ke moran abin da wasu suka biya.

Wani zai ce, ai mu mutanen gayya ne, mun saba haɗa hannu. Gaskiya ne, amma mu tambayi kanmu abin da ke riƙe gayya. Wanda bai zo gonarka ba, ran da ya kira tasa ba ka zuwa. Mutanen kaɗan ne, kowa na ganin kowa, hukuncin kuma yana nan kusa. Fitila ba ta da wannan. Direban da ya wuce da dare ya ci moriyarta, baƙon da ya zo cin kasuwa haka, ba kuwa ranar da za a rama musu. Wani masani, Mancur Olson, ya nuna a shekarar 1965 cewa gwargwadon yawan jama'a, gwargwadon sauƙin ɓuya cikin taro. Shi ya sa karo-karo yakan sayi fitila ran da aka yi taro zuciya ta yi zafi, amma ba ya sayen baturi bayan shekara uku.

Saboda haka ne a ƙasashen duniya ake biyan fitilun hanya da haraji. A nan Nijeriya ma, Tsarin Mulkin 1999 ya lissafta gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan hanya da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Watau fitilar hanya a Mairuwa tana cikin aikin ƙaramar hukumar Faskari, haka kuma abin yake a Ƙanƙara da Sabuwa. Hikimar haraji ita ce yana kawar da tsoron nan na "zan biya, maƙwabcina ya ƙi". In na tabbata kowa zai ba da tiya biyu, ni ma zan ba da tawa ba da ƙunci ba.

Na san kalmar haraji ba ta da daɗin ji a kunnen dattawanmu, suna kuwa da hujja. Sun tuna lokacin da ake bin talaka gida-gida, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, har wani ya sayar da akuyarsa, wani ya bar gari. Da Alhaji Balarabe Musa ya hau mulkin Jihar Kaduna a 1979, lokacin ƙasar Katsina tana cikinta, ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Ban ce sun yi kuskure ba. Laifin wancan haraji biyu ne: bai duba ƙarfin mai biya yadda ya kamata ba, mai biya kuma bai ga abin da aka yi masa da kuɗinsa ba. Amma akwai abin da ya biyo baya. Yawancin kuɗin ƙananan hukumomi daga asusun tarayya yake zuwa, ba daga hannun mutanen gari ba. Wanda bai ji fitar kuɗi daga aljihunsa ba, da wuya ya je ofis ya tambayi inda suka shiga. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan ya ƙara mana dalilin tambaya: cikin kasafin bana, nawa aka ware domin gyaran fitilun da aka riga aka kafa? Kafa sabuwa yana kawo tafi da hoto, sauya baturi ba ya kawowa, shi ya sa sai an matsa.

Kafin hukuma ta motsa, me jam'iyya za ta iya yi? Shawarata ita ce a mai da karo-karo ya zama ƙaramin haraji na unguwa, wanda jama'a suka ɗora wa kansu a gaban mai unguwa. Jam'iyya ba ta da ikon tilasta wa wanda ba ɗanta ba, haske kuwa bai san Kirista ko Musulmi ba, saboda haka dole dukan unguwa ta zauna a yanke maganar tare. A karɓa sau ɗaya a shekara, da kaka, lokacin da hatsi ke hannu. Ga 'yan jam'iyya, a haɗa shi da abin da ake iya hanawa: wanda bai ba da tiyar fitila ba, ya jira a ƙarshen layi ran rabon taki ko rance. Wannan ita ce dabarar gayya aka ɗaura wa fitila.

Kada kuma a maimaita laifin tsohon haraji. Mai shayi da mai kanti da ke ciniki a gindin fitila har tsakar dare sun fi kowa cin moriyarta, su ba da ninki biyu ko uku. Gwauruwa da tsohon da ba shi da mai noma masa, a yafe musu a bainar jama'a, a rubuta. Wanda ba shi da hali daban, wanda ke da hali ya noƙe daban. In an yafe wa gida 10 cikin 60, aka sami masu sana'a 10 suka ba da tiya huɗu-huɗu, sauran 40 suka ba da bibbiyu, tiya 120 ɗin ta cika.

Sa'an nan a karanta lissafi a fili duk shekara: wa ya biya, nawa aka tara, a hannun wa yake. Mai ajiya daban, mai rubutu daban. Wata masaniya, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta yi nazarin ƙauyukan da suka daɗe suna riƙe dukiyar haɗin gwiwa kamar ruwan ban-ruwa da makiyaya. Ta tarar masu nasara su ne waɗanda suka tsara dokarsu da kansu, suna sa ido a kan juna, hukuncinsu kuma yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani. Mu ma haka: farko a yi wa mutum tuni, na biyu a kira sunansa a taro, na uku a kai wa mai unguwa.

A ƙarshe, a ba kowace fitila mai kula da ita, gidan da ya fi kusa. Aikin ba shi da yawa. Da hunturu ƙura takan rufe faifan, baturi ba ya cika, sai a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa. In an goge amma fitilar da ke kaiwa asuba ta koma mutuwa da tsakar dare, har ta koma ƙarfe goma, baturi ne ya gaji, a sanar da wuri. Barin baturi yana ƙarewa ƙaf kowane dare yana gaggauta mutuwarsa. Fitilar da ke da mai ita kuma ɓarawon baturi yakan yi shakkar taɓa ta.

Ban ce fitila za ta kawo ƙarshen rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba. Amma mai gadin unguwa yana bukatar ganin wanda ke tafe, mace mai naƙuda tana bukatar hanya zuwa asibiti, yaro kuma ya ga maciji kafin ya taka. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A taronku na kaka mai zuwa, ku ƙirga fitilun unguwarku, masu rai da matattu, ku ƙirga gidaje, ku raba. Ku ga ko tiya nawa ce ta tsaya tsakaninku da haske.