64 ɗin nan da ake faɗa maka ba RAM ba ce

Sallah na matsowa, kuma kowa a Daura na so ya ɗauki hawan Sarki da wayarsa, ya ɗora kafin dawakai su koma gida. Shi ya sa shagunan waya ke cika yanzu. Kana shiga za ka ji ana cewa, “Wannan 4/64 ce, waccan kuma 8/128.” Yawancinmu lambar ƙarshe muke kamawa saboda ita ce babba, alhali lambobin biyu aikinsu daban.

Ta farko ita ce RAM. Ta biyu ita ce ma'ajiya, wadda a allon wayar ake rubutawa Storage, wasu kwalaye kuma su sa ROM. Duka da giga ake auna su, ruɗanin daga nan yake.

Ka duba shagon tela ana saura kwana uku Sallah. Yadukan mutane na jibge a durowa, amma wanda yake yankawa yanzu shi ne a kan tebur. Durowar ita ce ma'ajiya: hotunanka, bidiyo, waƙoƙi da manhajojin da ka sauke duk a can suke zaune, ko ka kashe wayar suna nan. Teburin kuwa shi ne RAM. Duk manhajar da ka buɗe sai an ɗauko ta an shimfiɗa a kansa kafin ta yi aiki, kuma da wayar ta mutu an share teburin tas.

To, ga yadda ƙaramin tebur ke cutar ka. Ɗauki waya mai RAM giga 2. Tsarin Android kansa ya riga ya cinye wani kaso mai yawa tun ba ka taɓa komai ba. Ka buɗe manhajar banki za ka tura kuɗi, sai ka leƙa WhatsApp ka kwafo lambar asusun. Kana dawowa, bankin ya koma farko yana neman ka sake shiga. Wani lokacin tsaron bankin ne ke jawo haka. Amma in TikTok da Chrome ma haka suke maka, kana juya baya sun manta inda ka tsaya, to wayar ce ke kashe manhaja ɗaya don ta sama wa wata wuri. Ko ka goge hotuna dubu, wannan ba zai gyaru ba, domin ba durowa ce ta cika ba.

Ciwon ma'ajiya daban yake. Kamara ta ƙi ɗauka ana tsakiyar hawa, Play Store ya ƙi sauke komai, wayar ta yi ta cewa babu wuri. Wannan yana da magani: ka share bidiyoyin guruf-guruf, ko ka sa katin memori in wayar na karɓa. Ka kuma sani, 64 ɗin ba duka za ka samu ba, tsarin wayar ya yanki rabonsa tun daga kamfani.

RAM kuwa a manne take da injin wayar. Memori ba ya ƙara ta, mai gyara ma ba ya ƙara ta. Yadda ka saye ta, haka za ku rabu.

Inda ya fi kamata ka buɗe ido shi ne irin rubutun nan na 4+4 da ake gani a kwalayen Tecno, Infinix da itel, har mai shago ya ce maka “RAM takwas ce.” Ta gaske huɗu ce. Sauran huɗun aro ne daga ma'ajiya: Tecno na kiran dabarar Memory Fusion, Samsung kuma RAM Plus. Ba ƙarya ba ce, tana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajojin da ka bari a baya. Sai dai ma'ajiya ba ta kusa da RAM a sauri, kamar tela ne ya jawo durowa yana yanka a kanta. Kada ka biya kuɗin takwas a kan huɗu.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, a shagon Daura ne ko ka je har Farm Centre a Kano, ka ce a kunna maka wayar. Shiga Settings, ka nemi About phone ko My Phone, yawancin wayoyi a nan suke nuna RAM, kuma in da alamar +, lambar da ke gabanta ita ce taka. Wayar hannu ma haka, kada ka dogara da kwali.

Ra'ayinmu a wannan shafi: in kuɗinka bai kai ga duka biyun ba, 4/64 mai ramin memori ta fi 3/128, tun da ɗaya ana iya ƙara ta, ɗaya ba a iyawa. Giga 4 na gaske za su ɗauke ka a WhatsApp, Facebook da TikTok. In kuwa kana yanka bidiyo da CapCut ko kana buga eFootball, ka daure ka tara kuɗin 6 ko 8, ko da hawan bana da tsohuwar wayarka za ka ɗauka.