Kwamiti Ba Taron Masu Kaifin Baki Ba Ne

'Yan uwa, akwai wata tambaya da ake yawan jefa wa masu neman aikin gudanarwa da ɗaliban da ke karanta harkar shugabanci. Za a ba ka jerin mutane bakwai ko takwas da bayanin halin kowa, a ce ka zaɓi biyar su yi wani aiki tare, kuma ka faɗi dalili. Mu ma tambayar da muke amsawa ke nan duk ranar da aka ce a kafa kwamiti, sai dai mu ba a ba mu maki. Amsar da aka saba bayarwa ita ce a ɗauki waɗanda suka fi ilimi, suka fi iya magana, ko suka fi kuɗi. A ganina wannan amsa kuskure ce, kuma ita ce ke sa kwamiti ya yi zama goma ba a ɗora ko bulo ɗaya ba.

Wani masani ɗan Birtaniya, Dakta Meredith Belbin, ya shafe shekaru yana gwada wannan a kwalejin horar da manajoji ta Henley da ke Ingila, kuma ya fitar da sakamakon a littafi a 1981. Manajojin da suka zo kwas ana raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gudanar da kamfani na gwaji, a ƙarshe a ga wanda ya fi samun riba. Kafin a fara, ana yi musu gwajin basira da na ɗabi'a. Sai aka ce bari a tara waɗanda suka fi kowa cin gwajin basira a rukuni ɗaya, aka raɗa masa suna Apollo, sunan shirin Amurka na zuwa duniyar wata. Kowa ya zaci za su cinye gasar. Rukunin farko ya ƙare a na ƙarshe. Cikin rukunoni 25 da aka haɗa a wannan salo, uku ne kawai suka zo na ɗaya.

Abin da ya faru a ɗakin nasu ba zai ba wanda ya taɓa zama taron ƙungiya mamaki ba. Lokacinsu ya tafi wajen muhawara. Kowa na neman a karɓi ra'ayinsa, kowa ya ƙware wajen gano ramin da ke cikin maganar ɗan uwansa, kuma ƙananan ayyukan da ba sa buƙatar hazaƙa aka bar su babu mai yi. Daga nan Belbin ya fitar da rawa guda takwas da rukuni ke buƙata, daga baya ya ƙara ta tara. Ba sai mun bi su duka ba. Uku daga ciki su ne ginshiƙi: mai kawo dabara, mai haɗa kan jama'a, da mai aiwatarwa.

Mai kawo dabara shi ne wanda idan kowa ya cije, zai zo da hanyar da ba wanda ya yi tunaninta. Rauninsa shi ne ba ya son bin diddigin ƙananan abubuwa, kuma yakan manta da dabarar jiya saboda ya samu ta yau. Mutum ɗaya irinsa ya wadatar. Belbin ya lura cewa tara su da yawa ba ya ƙara komai, domin dabarun nasu karo suke yi da juna. Mai aiwatarwa kuwa shi ne wanda da an ce an amince, zai tambaya: wa zai je, yaushe, da kuɗin wa? Yana mayar da magana ta zama jerin aiki. Shi ma yana da nasa: ba ya son a sauya tsari bayan an fara, kuma sabuwar dabara takan ɗauke shi lokaci kafin ta shige shi.

Inda na fi son mu tsaya shi ne kan na tsakiya, mai haɗa kai, wanda mu muke kira ciyaman. A rukunonin da suka yi nasara a Henley, shugaban ba shi ne ya fi kowa basira ba. Yawanci basirarsa ba ta yi wa ta abokan aikinsa nisa ba. Abin da yake da shi shi ne natsuwa, da yarda da mutane, da sanin wanda ya dace da wane aiki, da iya cewa an ji kowa, yanzu ga matsaya. Dalilin a fili yake. Idan wanda ya fi kowa dabara shi ne kuma yake riƙe da taro, to ya zama alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara. Wa zai ce masa dabararsa ba za ta yi aiki ba? A wajenmu abin ya ma fi tsanani, domin kunya da girmama na gaba kan sa mutum ya haɗiye gyaran da yake gani ƙuru-ƙuru.

Bari mu ɗauki misali mu amsa tambayar. A ce unguwa ta tara kuɗi za ta haƙa rijiyar burtsatse kafin rani, ana son kwamitin mutum biyar, kuma an gabatar da bakwai. Akwai wani injiniya matashi mai yawan dabaru. Akwai wani malamin makaranta, shi ma kansa cike da shawarwari, kuma ya iya zance. Akwai Alhajin da ya ba da kaso mafi tsoka na kuɗin, mai zafin nama, ba ya son jinkiri. Akwai wani tsohon hedimasta mai haƙuri wanda kowa ke sauraro. Akwai wata Hajiya mai sayar da kayan abinci a sari, wadda duk abin da aka ba ta sai ta kai shi ƙarshe. Akwai wani akawu mai ƙarancin magana da ba ya barin lissafi ya wuce shi. Sai wani dillali da ya san kowa a gari, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har masu injin haƙa.

Idan aka bar zaɓen ga tafi da sowa, injiniya da malami da Alhaji za su fara shiga, kuma Alhaji ne zai zama ciyaman. Za a yi zaman farko a kan ko sola za a sa ko janareta, a yi na biyu a kan girman tanki, a na uku malami ya kawo shawarar a haɗa da gidan wanka don a samu kuɗin shiga. Duk shawarwari ne masu kyau. Amma babu wanda ya je ya kira masu binciken ƙasa su auna inda ruwa yake, wanda shi ne matakin farko kafin a yi maganar komai.

Ni ga yadda zan zaɓa. Hedimasta ya riƙe taro, don ba shi da dabarar da yake karewa. Injiniya ya zama mai kawo dabara, a bar malami a waje, ba don ya gaza ba sai don gurbin ɗaya ne kuma aikin na fasaha ne. Hajiya ta zama mai aiwatarwa: ita za ta riƙe jerin abin da aka yanke, da sunan wanda zai yi, da ranar da zai kawo rahoto. Akawu ya zama mai tantancewa, wanda zai ajiye farashin kamfanoni uku gefe da gefe ya tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da bututu da famfo, kuma wa zai ɗauki asara idan aka haƙa ba a samu ruwa ba. Kujera ta biyar ta dillali ce, don shi zai nemo kamfanonin ya kuma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ana buƙatar izini. Amma kada a bar shi ya ƙulla ciniki shi kaɗai. Irin wannan mutum yakan yi ɗoki da farko ya saki daga baya, shi ya sa abin da ya nemo zai miƙa wa Hajiya.

To Alhaji fa? Na san nan ne za a ce mini wannan lissafin Turawa ne, ba su san zumunci ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ba za ka karɓi kuɗin mutum ka ce ba ruwansa da aiki ba. Sai dai muna da mafita a al'adarmu tun da daɗewa: a naɗa shi uban kwamiti, a riƙa kai masa rahoto duk mako biyu, a kira shi idan ɗan kwangila ya fara wasa da hankalin mutane, domin a nan ne zafin namansa ke da amfani. Girma daban, riƙe taro daban. Malami kuma a ba shi aikin yi wa jama'a bayani ranar babban taro, inda bakinsa zai yi rana.

Yadda za a gane kwamiti ya karkace ba wuya. A ɗauko takardar bayanan zama uku na baya. Idan ta cika da an ba da shawara, an ba da shawara, amma babu suna da rana a gaban ko ɗaya, babu mai aiwatarwa. Idan ana aiki tuƙuru amma duk shekara hanya ɗaya ake bi ko da ta gaza, babu mai kawo dabara, ko kuma yana nan an hana shi magana. Idan mutum biyu sun je wajen ɗan kwangila ɗaya da saƙo mabambanta, ko kuma ana yanke hukunci a waje bayan an tashi taro, to kujerar ciyaman ce ba ta aiki.

Tsarin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Takardar tambayoyin da mutum ke cikewa don gane rawarsa ta sha suka, inda a 1993 Adrian Furnham da abokan aikinsa suka nuna shakku kan ingancin ma'auninta. Mutum yakan ga kansa yadda yake so ya kasance. Don haka kada a tambayi ɗan takara ko shi mai aiwatarwa ne, kowa zai ce e. A tambayi waɗanda suka yi aiki da shi a bikin bara ko rabon kayan azumi: wa ya zo da wuri, wa ya kawo rasit, wa ya sasanta da aka yi saɓani? Haka kuma rawa ba tambari ba ce da ake manna wa mutum har abada. Mutum ɗaya na iya ɗaukar biyu, shi ya sa kwamitin mutum huɗu zai iya wadatarwa. Akawu zai iya haɗa tantancewa da bin aiki har a kammala. Haɗin da zan guje wa shi ne ciyaman da mai dabara a jiki ɗaya, sai kuma mai kashe kuɗi da mai duba lissafi.

Daidaita rawa kuma ba ya maye gurbin sanin aiki. Da a cikin bakwai ɗin nan babu wanda ya san komai game da rijiya, da dole a nemo wanda ya sani daga waje, ko da a biya shi, ya zauna zaman farko da ranar da za a duba takardun 'yan kwangila.