Lauyan Kyauta Ba Ya Zuwa Sai An Neme Shi

Yau ina so mu tattauna a kan abin da babu mai fatansa, amma in ya faɗo, mace ce ke kwana da shi. In an kama maigida ko ɗa, shi yana ciki, ke ce a waje. A ganina, tun kafin a sayar da akuya ko kayan ɗaki don kuɗin lauya, ya kamata ki san gwamnati ta tanadi lauya kyauta domin talaka.

Tun 1976 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, kuma dokar 2011 ce take aiki da ita yanzu. Tana da ofis a Katsina. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024, ya cancanta. Ke nan yawancin ƙananan manoma da 'yan acaɓa na Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Hukumar tana tsaya wa wanda ake tuhuma da laifi irin su sata, duka, fyaɗe, fashi da kisan kai.

Bari mu ɗauki misali. A ce an kama ɗanki ranar kasuwa a Kurfi, ana zarginsa da satar babur. Abu na farko, tun a ofishin 'yan sanda ya ce yana son lauya. Tsarin mulki na 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ce a sanar da shi cewa akwai na kyauta. A nan ne aka fi yin ɓarna. Yaro ya dangwala hannu a takardar da bai iya karantawa ba, gobe a karanta ta a kotu a ce ya amsa laifi da bakinsa. Lauyan da ya zo bayan haka gyaran ɓarna kawai zai yi.

Na biyu, ki lura da lokaci. In akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne doka ta ba 'yan sanda su kai shi gaban alƙali. Ranar da aka kai shi, ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da halin ɗaukar lauya." Ke kuma ki nemi magatakarda ya ba ki lambar shari'ar, da sunan kotun, da ranar da za a koma. Ki ɗauki waɗannan ki tafi ofishin hukumar a Katsina, inda za ki cike fom ki bayyana sana'arsa da abin da yake samu. Ku 'yan makaranta, ga aikinku: ku raka iyayenku, ku rubuta musu lambar nan daidai. Ba tare da ita ba, neman fayil wahala ne.

Akwai tarkon da ya fi wannan. In aka rubuta tuhumar da sunan fashi da makami, majistare ba shi da hurumin sauraronta. Sai ya aika yaron gidan yari, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a kafin a kai shi Babbar Kotu. Alamar ita ce, a yi ta ɗage zama ba a kira shaida ko ɗaya ba. A haka mutum kan share watanni, har shekaru. Lauya ne zai bibiyi fayil ɗin, ya kuma nemi beli a Babbar Kotu in laifin na beli ne. Don haka kada ki zauna kina jiran a kira ki.

Wata za ta ce, ai abin kyauta ba ya ƙarko. Gaskiya ne lauyoyin hukumar kaɗan ne, shari'u kuwa sun yi musu yawa. Kuɗin mota zuwa Katsina naki ne, neman mai tsaya wa yaro a beli ma naki ne. Amma maganin wannan naci ne. Ki karɓi lambar wayar lauyan, ki tuna masa kwana biyu kafin kowane zama. In kin ga shiru, ki gwada ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa reshen Katsina, ko ƙungiyar lauyoyi mata, domin su ma sukan tsaya wa marasa hali.

Sai ki yi hattara da 'yan bakin kotu masu cewa ki kawo kuɗi su haɗa ki da lauyan gwamnati. Wanda ya cancanta ba ya biyan lauyan hukumar ko kwabo. Duk wanda ya miƙo miki hannu, ki wuce shi ki shiga ofis da ƙafarki.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin ƙaddara, amin.