Yagewar Hoto da Jinkirin Hannu: Maganin Yana Ƙasa da Rufi

Allon da ke aiki a 60Hz yana sabunta hotonsa sau 60 a cikin sakan guda, yana zana shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kowane zagaye cikin milisakan 16.7. Katin hoton kwamfuta kuwa ba shi da tsayayyen lokaci, domin saurinsa ya danganta da nauyin abin da wasan ke nunawa. Idan ya miƙa sabon hoto alhali allon yana tsakiyar zane, sai sama ta kasance tsohon hoto, ƙasa kuma sabo. Wannan ita ce yagewar da ake gani idan an juya kyamarar wasa da sauri.

Tsohon maganinta shi ne V-Sync, wanda ke tilasta wa katin ya jira allon ya kammala zagayensa. Yagewa takan ɓace, amma jiran yana da farashi. Idan katin ya fi allon sauri, hotunan da ya gama sukan yi layi, don haka abin da ido ke gani ya riga ya tsufa, sai ɗan wasa ya ji hannunsa ya yi nauyi. Idan kuma katin ya makara, ya ɗauki milisakan 18 a kan kowane hoto, a tsarin V-Sync mafi sauƙi sai ya jira zagaye na gaba, wasan ya faɗo zuwa hoto 30 a sakan.

G-Sync na kamfanin Nvidia, wanda aka gabatar a 2013, da FreeSync na AMD da ya biyo baya a 2015, sun juya lamarin: allon ne yanzu ke jiran katin, yana sabuntawa da zarar hoto ya kammala. Sai dai wannan sassauci yana da iyaka. A allon da ke sauyawa tsakanin 48Hz da 144Hz, da zarar katin ya kai hoto 144, sassaucin ya ƙare. Yagewa ta dawo idan V-Sync na kashe, layin jira ya dawo idan yana kunne. Alamar a fili take: matsalar takan bayyana ne a lokacin da ma'aunin hotuna ya taɓa 144.

Saboda haka takaita yawan hotuna ba rage ƙarfin na'ura ba ne, shi ne cikon cinikin. Idan aka tsayar da iyakar a 141, kowane hoto zai ɗauki kusan milisakan 7.1 maimakon 6.9, bambancin da hannu ba ya ji, allon kuma ba zai fita daga iyakar sassaucinsa ba.

Ɗan gasar da katinsa ke ba da hoto 300 yana da hujjar kashe komai ya haƙura da yagewa, tunda kowane milisakan yana da daraja a wurinsa. Ga sauran jama'a kuwa, sayen irin wannan allo a bar shi ba iyaka, biyan kuɗin magani ne a koma wa cutar.