Shafi biyu ba su isa yanke hukunci ba

'Yan'uwa malamai, tun makon jiya ake yawo da shafi biyu na daftarin jawabin da wani ɗan'uwanmu ya fara tsarawa domin bikin Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba. Wanda ya saki takardar bai haɗa da ƙarshenta ba. Shafi na biyu ma a tsakiyar jimla ya yanke. Amma daga ɗakunan malamai har zuwa rumfunan kasuwar Juma'a ta Wudil an riga an gama shari'a: wai marubucin ya sayar da mu, tunda babu abin da ke cikin jawabin sai yabon hukuma. Ni na ƙi wannan hukunci, kuma ga hujjata.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san yadda ake gina irin wannan jawabi. Da gaisuwa ake farawa, a jero manyan baƙi bisa muƙamansu. Sai godiya kan abin da aka samu. Bayan nan ne mai magana yake gyara tsayuwa ya ce “sai dai kuma”, ya shiga koke: ƙarin girman da ya makale, ajin da ɗalibai suka yi wa yawa, haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Buƙatu su ne na ƙarshe, domin su ake so baƙo ya tafi da su a kunnensa. Saboda haka wanda ya yanke jawabin ƙungiya daga ƙasa, godiyar kaɗai zai bari. Kowane jawabin da aka taɓa karantawa a reshen nan, in aka yi masa wannan aski, fadanci zai koma.

Kuma ko cikakke ne, daftari ba jawabi ba ne tukuna, kuma ƙarshensa ne aka fi sauyawa. Lokacin da Abraham Lincoln yake shirin karɓar mulkin Amurka, jihohi bakwai na kudu sun riga sun ɓalle. Daftarin da ya tsara a Springfield ya rufe ne da ƙalubale: ya bar wa 'yan kudu zaɓi tsakanin zaman lafiya da takobi. William Seward, wanda zai zama sakataren harkokin wajensa, ya karanta ya ga rufewar ta yi kaushi, ya ba da shawarar wata. Lincoln ya sake ƙera ta da kalmominsa, ran 4 ga Maris 1861 ya rufe jawabin da kiran 'yan'uwantaka. Jikin jawabin bai bar matsayinsa ba, cewa ɓallewa ba ta halatta, amma abin da ya bari a kunnen jama'a ya sauya. Wanda ya riƙe shafukan farko kaɗai ba zai iya faɗin da wace murya za a sallami taro ba, tunda shi kansa marubucin bai gama yanke shawara ba.

To, shin sai mu yi gum? A'a. Masu cewa kada a ce uffan sai an ga sauran, su ma sun zarce. Abin da ke rubuce ana iya auna shi. A shafi na biyu an ce a 2020 aka yi dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65. Wannan kuskure ne, kuma babu shafi na uku da zai wanke shi. A Ranar Malamai ta 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari sanarwa ta yi. Sai a 2022 aka sa wa dokar hannu. Daftarin kuma ya manta da ɗaya ma'aunin, wato shekara 40 a bakin aiki. Malamin da ya fara koyarwa yana ɗan shekara 22 zai cika 40 ɗin yana da 62, don haka ambaton 65 kaɗai zai ruɗar da shi. Ana iya cewa gaisuwar ta yi tsawo, ta cinye kusan shafi guda, na yarda. Duk waɗannan gyara ne da za a kai wa marubucin yau, ya amfana da su kafin ranar taro.

Abin da ba mu da ikon faɗa shi ne “bai ambaci ƙarin girma ba”. Iyakar gaskiyarmu ita ce bai ambace shi a shafi biyun da muka gani ba. Tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu ita ce mutuncin mutumin da muke haɗa sahu da shi.

Tambayata tana kan wanda ya saki takardar. In shafi biyu kaɗai ya samu, me ya hana shi faɗa? In kuwa yana da na uku ya ɓoye, to shi ya kamata ya yi mana bayani. Ina roƙon shugabannin reshe su nemi cikakken daftarin, a karanta shi a zama na gaba daga bisimilla har zuwa wassalam. In aka kai ƙarshe babu buƙata ko ɗaya a ciki, ni zan fara miƙewa.