Takarda Tukuna, Sannan PLC

A ce an ba ka aikin sarrafa injuna biyu da za su riƙa kwashe ruwan sama daga gadar ƙasa ta Ƙofar Kabuga. A ganina, kada ka taɓa PLC sai ka rubuta takardar bayanin aiki, mai aikin ya sa hannu.

Fara da jerin abin da ke shiga da abin da ke fita. Masu shiga huɗu ne: ma'aunin ruwa na ƙasa, na sama, da alamar lalacewar kowane inji. Masu fita uku: injuna biyu da jiniya. Kowanne da sunansa da adireshinsa, kamar I0.0.

Sannan ka bayyana yadda matakai ke bin juna. Ruwa ya kai ma'aunin sama, injin farko ya tashi. Idan bai sauka cikin minti 2 ba, na biyu ya biyo. Ya sauka ƙasa da ma'aunin ƙasa, duka su tsaya.

A nan giɓi ke fitowa fili. Idan na sama ya nuna ruwa, na ƙasa ya nuna babu, ɗayansu ya lalace: a ci gaba da jan ruwa, ko a tsaya don kada inji ya ƙone? Wannan hukunci na mai aiki ne. Idan ba a yanke shi a takarda ba, ruwan Agusta ne zai yanke shi.