A Binciki Kamfani Kafin Biyan Kafin Alƙalami

Zuwa ga Edita,

Ina jan hankalin 'yan uwana 'yan kasuwar Kwari masu odar kaya daga Sin. Kafin ku tura kuɗi, ku nemi lasisin kamfanin. Yana ɗauke da sunansa da rubutun Sinanci da lambar rajista mai haruffa 18. Ku sa lambar a gsxt.gov.cn, rumbun rajistar gwamnatin Sin, ku tabbatar kamfanin yana nan da rai.

Maƙwabcina ya yi haka, lasisin ya fito daidai, amma asusun da aka ba shi na wani mutum ne daban. Da ya ce sai asusun kamfani, ba su sake amsa wayarsa ba.

Idan sunan asusu ya saɓa da na lasisi, kada ku biya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kano